Za mu kira ɗalibai su ba da jini, me zan rubuta a sanarwar don kar su ji tsoro?

"Anti barka da aiki. Ni ne jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai a makarantarmu, muna shirin gangamin ba da jini, ni aka ɗora wa rubuta sanarwa. Ga abin da na rubuta: Ranar Litinin daga 12 na rana zuwa 4 na yamma a filin ƙwallo. Babu zafi, babu wata illa, kowa zai iya bayarwa, kuma za a yi maka gwajin ƙanjamau kyauta. Burinmu leda 300. Bankin jinin sun ce gado 4 za su kawo. Dan Allah ki duba min, ya yi ko da gyara?"

Sannu da ƙoƙari ƙanina, Allah ya ba da lada. Akwai gyara kam, kuma ba kaɗan ba, amma kar gwiwarka ta yi sanyi don duk abubuwa ne da za ka iya gyarawa kafin ka kai a buga fosta. Na daɗe ina aiki a bankin jini, na fita irin wannan gangamin a makarantu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma abin da na lura shi ne ɗalibi ba ya gudu don an gaya masa gaskiya, yana gudu ne lokacin da idonsa ya ga abin da aka ce masa ba zai faru ba.

Bari in fara da wurin, don shi ya fi tayar min da hankali. Cire filin ƙwallo gaba ɗaya. Matsalar da muka fi gani wajen masu ba da jini ita ce jiri da suma, kuma yawanci ba don jinin da aka ɗiba ya yi yawa ba ne, jiki ne yake firgita, sai bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙaranci na ɗan lokaci, sai ka ga mutum ya fara gumi, fuska ta canza, yana hamma yana cewa yana ganin duhu-duhu. Abubuwan da ke jawo wannan su ne zafi, doguwar tsayuwa, ƙishirwa, yunwa da tsoro, kuma ya fi samun matasa, masu bayarwa karon farko, da marasa nauyi sosai. Toh ka ga su waye ɗalibanka? Su ɗin ne dai. Ka haɗa su a fili da tsakar rana suna tsaye a layi, ka tara duk sanadin a wuri ɗaya kenan.

Na taɓa ganin haka da idona. Mun je wata makaranta an kafa mana rumfa a waje, layi ya yi tsawo har muna murna, sai wata yarinya da ko allurar ba a kai ga sa mata ba ta sulale ta faɗi, tun safe ba ta ci komai ba ta fito daga lakca ta shiga layi. Cikin minti biyu ta farfaɗo bayan mun kwantar da ita mun ɗaga ƙafafunta, lafiyarta ƙalau, amma kafin mu juyo layin ya watse, kuma labarin da ya zaga hostal a daren nan shi ne wai an zuƙe wa wata jini ta suma. Har yau abin yana min ciwo, don ledojin da muka koma da su babu komai a ciki akwai marasa lafiyar da ke jiran su.

Ka nemi ɗakin taro mai iska ko mai fanka, a ƙasa ba a saman bene ba, saboda wanda ya gama bayarwa bai kamata ya kama sauka daga matattakala ba, ga kuma ɗaukar gadaje da kuloli. Ya zama akwai kujerun da masu jira za su zauna, akwai ruwan sha, akwai banɗaki kusa, akwai wuta ko janareto, mota kuma tana iya zuwa har bakin ƙofa. Sannan abin da kusan kullum ake mantawa, lungu mai labule ko ƙaramin ofis inda za a yi wa mutum tambayoyi shi kaɗai. Tambayoyin fom ɗin nan akwai na sirri, na mu'amala da na cututtuka da na juna biyu, babu wanda zai amsa su da gaskiya alhali abokinsa na tsaye a kansa yana leƙe. In da hali gadajen ma a kare su daga idon masu jira, wanda yake ta kallon leda tana cika tun yana kujera ya fi saurin jin jiri idan layi ya zo kansa.

Lokacin ma a matso da shi, 9 na safe zuwa 2 na rana ya fi, mutane sun karya, gari bai gama ɗaukar zafi ba, kuma ma'aikata za su samu komawa da jinin da wuri. Jini ba ya jira, ana ajiye shi ne a firji na musamman tsakanin digiri 2 zuwa 6, daga wurinku zuwa can a cikin kula mai ƙanƙara zai yi tafiya, kuma a ranar ake so a fara gwaje-gwaje da rarraba shi. Ka duba kalandar makaranta kuma, kar ya faɗo satin jarabawa, kar ya faɗo ranar wasa ko jajiberinta, don wanda ya ba da jini ba a so ya yi gudu ko ɗaga ƙarfe a wannan ranar.

Yanzu lissafi. Zuban jinin kansa minti 8 zuwa 12 ne galibi, amma gado ba ya zama fanko a wannan lokacin, sai an nemo jijiya, an goge wurin an bari ya bushe, an sa allura, an cire, an danne, mutum ya ɗan kwanta kafin ya tashi zaune. Ka ƙaddara minti 20 ga kowane mutum. Gado ɗaya mutum 3 kenan a awa, gado 4 mutum 12, a awa 4 leda 48, wannan ma in babu tsaiko ko ɗaya. In ka koma awa 5 ka samu 60. Ka ga ɗari uku ba ta kusa. In da gaske kuna son adadi mai yawa to ku roƙi ƙarin gadaje da ma'aikata ko ku raba shi kwana biyu ko uku, gado 8 a awa 5 zai ba ku wajen 120 a rana. Kuma ka tambaye su leda nawa za su iya karɓa su gwada su ajiye, saboda jini yana da wa'adi, kwana 35 ne a ledar da aka fi amfani da ita, wani nau'in 42, in aka tara abin da ya fi ƙarfin firjinsu asara ce. Ni da za ka ji shawarata ka rubuta adadin da za ku iya, ka raba mutane awa-awa, 'yan wannan sashen 9 zuwa 10, na wancan 10 zuwa 11, ya fi a kira mutum 300 su zo su yi awa uku a zaune su tafi da haushi, gobe ko ka kira ba za su zo ba.

Sai maganar kwantar da hankali, wadda ita ce zuciyar sanarwar. Zafi akwai shi. Allurar ɗibar jini ta fi ta allurar magani kauri, dole ta zama haka don ƙwayoyin jini su wuce ba tare da sun farfashe ba, idan ta shiga za ka ji tsinin nan na daƙiƙa biyu ko uku, daga nan sai dai ka ji akwai abu a hannunka amma ba ciwo ba. Mutane da yawa ma sun fi ƙorafi kan ɗan sokin yatsa da ake yi don awon jini. Haka za ka rubuta. Wanda aka ce masa zai ji tsini na ɗan lokaci idan ya ji sai ya ce ashe iyakarsa kenan, wanda aka ce masa ba zai ji komai ba kuwa idan ya ji sai ya fara tunanin to me kuma aka ɓoye min.

Illa ma haka. Ka faɗi cewa wasu kan ji jiri, wasu wurin allurar kan ɗan yi duhu ko kumburi ya baje cikin sati ɗaya ko biyu, kuma akwai ma'aikatan da aikinsu kenan a wurin. Sannan ka ba su abin da za su yi da kansu, wannan ya fi duk wani lallashi aiki. Su ci abinci cikin awa uku kafin su zo amma ba mai maiƙo sosai ba, su yi barci a daren, su sha ruwa kamar rabin lita dab da hawa gado. Idan suna kan gadon su riƙa ɗaure naman cinya da na ɗuwawu na 'yan daƙiƙu suna saki suna maimaitawa, yana tura jini sama ya rage haɗarin jiri. Bayan an gama su zauna minti 15 su sha wani abu, kar a ce ina da lakca a miƙe a fita, don jirin wani ba ya zuwa sai ya yi 'yar tafiya, kuma faɗuwa a kan hanya ita ce take jawo rauni, ba suman kansa ba. Duk wanda ya ji alamar jiri ko a ina yake ya kwanta ya ɗaga ƙafa, in babu wurin kwanciya ya zauna ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, kar ya ji kunya.

Tsoron da ya fi yawa shi ne jinina zai ƙare ko ƙarfina zai tafi, kuma lamba ce take kashe shi. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce, bai kai rabin lita ba. Jikin babba yana ɗauke da kamar mililita 70 na jini a kowane kilo, mai kilo 70 yana da kusan lita 5, abin da aka ɗiba bai ma kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai kilo 50 yana da kamar lita 3 da rabi, ledar ta zama kusan kashi 13, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar a wuce. Daga nan ne maganar kilo 50 ta samo asali, ba wai son rai ba ne. Mai kilo 45 in aka ɗebi 450 an haura iyaka, shi ya sa ko dai a ɗebi 350 a wuraren da suke da ƙaramar leda, ko a ba shi haƙuri. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu in ana shan ruwa, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Abin da ke daɗewa shi ne sinadarin ƙarfe, leda ɗaya tana tafiya da kamar miligiram 200 zuwa 250, kuma maido shi kan ɗauki watanni, shi ya sa ake cewa namiji ya jira aƙalla sati 12 kafin ya sake bayarwa, mace kuma sati 16 tunda ita dama tana rasa jini duk wata.

Daga nan ka gane ba kowa ne zai iya ba. Shekara 18 zuwa sama, kuma a cikin 'yan aji ɗaya akwai waɗanda ba su kai ba, sai ka rubuta ƙarara. Za a auna nauyi, a auna hawan jini, a soki yatsa a duba himogulobin, wato sinadarin da ake aunawa a gane ko mutum yana da ƙarancin jini, mafi ƙaranci 12 ga mace 13 ga namiji a ma'aunin hukumar, wasu bankunan ma sun ɗaga nasu zuwa 12.5 da 13.5. Mai juna biyu da mai shayarwa ba sa bayarwa. Wanda ya yi zazzaɓi ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya warke ya ƙara sati biyu, wanda ya yi maleriya kwanan nan ya faɗa a fom don jiran nasa ya fi haka tsawo. Wanda aka yi wa huda ko zane a fata ko tiyata ko aka ƙara masa jini a 'yan watannin nan shi ma ya faɗa. Mai al'ada tana iya bayarwa in tana jin daɗin jikinta kuma awonta ya kai. Mai sikila SS ba ya bayarwa, amma mai AS yana iya bayarwa in awonsa ya cika, ya dai sanar don akwai waɗanda ba a sa wa jininsa, kamar jarirai da masu sikilar kansu. Wannan na AS ɗin ka sa shi dan Allah, da yawa suna cire kansu a banza.

Ka kuma rubuta cewa in an ce ba yau ba, ba yana nufin an gano wata muguwar cuta ba ne. Yawancin waɗanda muke mayarwa ƙarancin jini ne ko ƙarancin nauyi, musamman 'yan mata. In ba ka faɗi haka tun farko ba, duk wanda aka gani ya fito daga bayan labule bai hau gado ba to ya shiga bakin mutane, kuma tsoron wannan kaɗai yana sa wasu su ɓoye gaskiya a fom.

Wanda ya kawo ni kan layin gwajin kyautar nan, shi ne mafi haɗari a duk rubutun, a goge shi. Gaskiya ne kowace leda sai an gwada ta, ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Amma gwaji yana da makanta. Idan mutum ya kamu da cuta jiya ko shekaranjiya ko sati biyu da suka wuce, ƙwayar tana cikin jininsa amma gwajin zai iya nuna babu, wannan tazarar takan ɗauki kwanaki zuwa makonni, a wasu gwaje-gwajen har wata uku. Yanzu ka yi tunanin waye zai fi saurin amsa kiran gwaji kyauta. Wanda ya yi wani abu kwanan nan yana cikin fargaba, yana kunyar zuwa asibiti, sai ya ce bari in fake da ba da jini in ji matsayina. Shi ne daidai mutumin da ke cikin wannan tazarar, ledarsa za ta wuce gwaji lafiya lau, a ɗaura wa mai haihuwa ko yaro. Don haka sanarwar ta ce wanda yake son sanin matsayinsa ya je asibitin makaranta a yi masa cikin sirri, kar ya zo ta nan. Saboda wannan dalilin dai ban son gasa tsakanin sassa ko babbar kyauta ga wanda ya bayar, duk abin da zai sa mutum ya ji dole sai ya hau gadon nan zai iya sa shi yin ƙarya. Abin sha da katin godiya sun isa. In kana son abin jan hankali ka ce za su san rukunin jininsu, wannan ba ya cutar da kowa.

Sakamako kuma bankin jini ne kaɗai zai tuntuɓi mutum shi kaɗai, ku 'yan ƙungiya ko fom ɗin kar ku riƙe, naku rajistar suna da lokaci kawai. Za a kuma tambaye ka ko sayar da jinin ake yi, kar ka yi rantsuwa kan abin da ba a hannunka yake ba. A wurare da yawa asibiti kan karɓi kuɗin leda da gwaje-gwaje da ajiya daga majinyaci, ka je ka tambayi bankin yadda tsarinsu yake da asibitocin da jinin zai je, abin da suka gaya maka shi za ka maimaita.

Da ni ce ga yadda zan rubuta, ka sa kwanan wata da sunan ɗakin da lambar wayar da bankin suka ba ka:

"Ƙungiyar ɗalibai tana gayyatarku ba da gudummawar jini ranar Litinin, daga 9 na safe zuwa 2 na rana, a babban ɗakin taro na ƙasa. Ma'aikatan bankin jini ne za su ɗiba, da sabuwar allura da sabuwar leda da za a buɗe a gabanka, ba a ɗaukar cuta ta hanyar bayarwa. Ka ware awa ɗaya, ɗibar kanta kamar minti 10 ce. Za ka ji tsinin allura na 'yan daƙiƙu, wasu kan ji jiri na ɗan lokaci, akwai masu kula da kai har ka tashi. Ka ci abinci, ka sha ruwa, ka zo da katin makaranta. Sai mai shekara 18 zuwa sama, kilo 50 zuwa sama, kuma mai jin daɗin jikinsa. Mai AS zai iya zuwa. Za a yi maka tambayoyi a sirrance, in an ce ba yau ba to ba abin damuwa ba ne, kuma kana da damar fasawa a kowane lokaci. In gwajin cuta kake buƙata ka je asibitin makaranta. Gurbi 60 ne, ka rubuta sunanka da awar da za ka zo a ofishin ƙungiya."

Lambar wayar nan kar ka raina ta, ka sa a buga ta a ɗan katin da kowa zai tafi da shi. Wanda zazzaɓi ya kama cikin sati biyu bayan ya bayar, ko ya koma ɗaki ya tuna wani abu da bai faɗa a fom ba, ko hannunsa ya ci gaba da ciwo ko ya ji yatsunsa suna mutuwa, ita zai kira, in ledarsa ba ta fita ba sai a janye ta ba tare da kowa ya ji ba. Ka turo min in ka gyara in sake dubawa kafin ka kai wajen masu bugawa.